Wasiƙar da na rubuta wa ma'aikaciyata mai neman burs

Bayan la'asar ta shigo buro, sauran ma'aikata sun watse, ta tsaya bakin teburi tana murza gefen hijabinta. Na ce ta zauna, ta ƙi. Ta ce, "Shef, wata alfarma nake nema wurinku. Akwai burs ta mastar da nake son cikewa, sun ce sai da wasiƙa daga shugabana na aiki."

Na ce, "To ɗiyata, yaushe za a rufe?"

Ta ce saura sati uku, kuma in ba ni da lokaci za ta iya rubutowa ta kawo in sa hannu kawai, don haka ta ji ana yi.

Haka ake yi, gaskiya ta faɗa, ni ma na taɓa yin haka. Shekaru kaɗan kafin nan wani yaro da ke ƙarƙashina, haziƙi ne ƙwarai, ya zo da irin wannan buƙata ana tsakiyar kaka, aiki ya sha mini kai. Na ce ya rubuto. Ya kawo shafi guda da Faransanci mai kyau: yaro ne mai ladabi, mai biyayya, mai zuwa aiki kan lokaci, mai zaman lafiya da abokan aiki, mai ƙwazo. Na duba ban ga ƙarya ko ɗaya ba, na sa hannu, na buga hatimi. Bai samu ba. Bayan wasu watanni na nuna kwafin wasiƙar ga wani dattijo, malamin jami'a da ya sha zama cikin kwamitin tace dosiye. Ya karanta, ya sa babban yatsansa ya rufe sunan yaron, ya miƙo mini takardar. Ya ce, "Karanta yanzu. Wa ake nufi?" Na karanta. Za ta dace da mai gadinmu, za ta dace da direba, za ta dace da ni kaina. Ya ce wanda ke zaune da dosiye tuli a gabansa, kowane da irin wannan shafi, me zai riƙe? Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron ya yi aikin da ya cancanci a faɗa, kuma ni ne na gani da idona, ni ne kuma ban faɗa ba.

Don haka na ce wa yarinyar ni zan rubuta da hannuna, amma ta kawo mini abu uku kafin gobe: takardar sanarwar burs ɗin gaba ɗaya, ba guntun da aka turo mata a waya ba, da CV ɗinta, da wasiƙar da ita ta rubuta tana bayanin dalilin neman karatun.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, muna aiki da manoma a jihar Maraɗi kan iri da ajiyar amfanin gona, musamman wake. Ita kuma ta yi lisans a fannin noma a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi, ta zo mana istaj, muka ga hannunta muka riƙe ta. Mastar ɗin da take nema a Turai ne, kan abin da ke faruwa da hatsi bayan girbi.

Abin farko da sanarwar ta nuna mini shi ne takardu uku ake so daga wurin aiki, kuma mu a nan mukan cuɗa su wuri guda. Akwai takardar shaidar aiki, wadda ake rubuta "Attestation de travail" a samanta: suna, muƙami, ranar fara aiki, shi ke nan, kuma darakta ko mai kula da ma'aikata ke sa mata hannu. Akwai takardar izini, inda wurin aiki ke cewa ya yarda a saki ma'aikaci ya tafi karatu. Sannan akwai wasiƙar da ake nema daga gare ni, wadda shaida ce ta mutumin da ya ga aikin. Wasiƙar yaron can da na sa wa hannu takardar shaidar aiki ce aka yi wa ado da yabo.

Da na jera takardunta kan teburi sai na ga matsala. Sanarwar ta ce sai mai shekara 2 yana aiki. A CV ɗinta ta rubuta shekara 2 da wata 3. Na ɗauko fayil ɗinta na ƙidaya: istaj wata 6, kwantara wata 21. In an haɗa, wata 27 ne, ta wuce. In ba a lissafa istaj ba, wata 21 ne, saura 3 ta cika. Na kira ta na nuna mata. Ta yi shiru, can ta ce, "Shef, ku rubuta shekara biyu da wani abu mana, ai ba ƙarya ba ce." Na ce ba ƙarya ba ce, amma takardar shaidar aiki da darakta zai bayar ranar fara kwantara za ta ɗauka, kuma duk wanda ya aza takardun biyu gefe da gefe zai ga wata 6 sun ɓace tsakaninsu. Daga nan ba zai ƙara yarda da ko layi ɗaya na wasiƙata ba. Muka rubuta wa masu burs ɗin tambaya ta layi uku: istaj da aka yi bayan kammala lisans yana shiga lissafi? Suka amsa cewa yana shiga, muddin an ambace shi a takardar shaida da ranakunsa. Na je wurin darakta aka sake takardar, aka raba lokutan biyu. A wasiƙata ma haka na rubuta, wata 6 tana istaj a hannuna, wata 21 tana ma'aikaciya. Da amsar ta zo akasin haka, da sai ta jira baɗi, kuma na faɗa mata haka tun kafin mu aika tambayar.

Sai kuma zuciyar wasiƙar, inda na fi daɗewa. Na zauna da takarda fara ina tambayar kaina: cikin wata 27 ɗin nan, wace rana ce na kalli yarinyar nan na ce a raina, wannan daban take? Na tuna da ranar mangazar wake.

Wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Wake ba ya ajiyuwa sai da dabara, ƙwaro kan shige shi tun daga gona, in aka zuba a buhu haka nan, kafin wata uku zuwa huɗu sai ka tarar da huji ko'ina da gari. Tun wajen 2007 aka fara yaɗa buhun PICS a ƙasashenmu, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi, masu binciken cibiyar nazarin noma ta ƙasa, wato INRAN, na nan Maraɗi kuma sun yi aiki sosai a kansa. Buhu ne mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba a sa magani. Ana ɗaure kowace leda ita kaɗai, iska ta daina shiga, ƙwarin su shaƙe 'yar iskar da ta rage a ciki su mutu. Duk sirrin yana ga rashin iska.

Wata ƙungiyar mata a wani ƙauye wajen Gidan Rumji ta ajiye buhu 40 a mangaza cikin Nuwamba, da niyyar sayarwa in kuɗi ya hau. A Fabrairu aka kira mu rai ɓace, wai ƙwaro ya shiga. Muka je ni da ita. Buhu 9 ne suka lalace. Matan sun riga sun yanke hukunci cewa buhun banza ne, wasu har sun aika a sayo musu maganin ƙwari a kasuwa su barbaɗa. Ni kaina abin da na fara zato shi ne an sayar musu da na jabu, kuma na shirya rubuta haka a rahoto. Ita ba ta ce komai ba. Ta sa aka juye buhunan nan 9 kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Kowace leda ta ɗauka sai ta kaɗa ta ta cika da iska, ta murɗe bakin, ta rungume ta a ƙirji tana matsawa a hankali, kuncinta kusa da ledar. A ta farko ta ɗago kai ta ce wa shugabar matan, "Inna, kawo hannunki nan." Tsohuwar ta aza tafin hannu, ta ji iska na fita ta wani huji da ido ba ya gani. Cikin buhu 9, 6 ledojin bara ne aka sake amfani da su ba a gwada ba, 3 kuma an haɗa ledojin biyu da buhun waje an ɗaure da igiya guda. Sauran 31 lafiya lau. Kafin mu bar garin matan da kansu ke kaɗa leda suna matsawa. Da muka dawo ta zana gwajin a shafi guda, hoto huɗu ba rubutu, muka raba wa duk ƙungiyoyin da muke aiki da su. Kakar da ta biyo, mangazar nan ta ajiye buhu 52, biyu kacal suka samu matsala. Kafin in rubuta waɗannan lambobi na buɗe rajistarmu na tabbatar, ban dogara da tunanina ba.

Da farko ga abin da na rubuta, da Faransanci, amma ma'anarsa ke nan: "Tana da basira wajen warware matsaloli a fili, kuma ta iya hulɗa da manoma." Na karanta na ga yatsan dattijon nan a kan takarda. Na goge. Na biyu ya fito haka: "A Fabrairun bara wata ƙungiyar mata ta rasa buhu 9 cikin 40 na wake. Ni shugabanta na ɗauka laifin buhun ne. Ita ce ta gwada ledojin ɗaya bayan ɗaya ta gano cewa 6 sun huje, 3 an yi kuskuren ɗauri. Ta koya wa matan gwajin a ranar, ta mayar da shi zane da ƙungiyoyinmu ke amfani da shi har yau. A kaka ta gaba asarar ta sauko zuwa buhu 2 cikin 52." Ban sa kalmar basira ko sau ɗaya ba. Na bar wurin da na ce na yi kuskure, duk da wani abokin aiki ya ce in cire don bai dace shugaba ya rubuta haka ba. Na bar shi ne domin shi ke nuna cewa tunanin nata ne, ba umarnina ta bi ba, kuma mai neman ɗalibin bincike abin da yake farauta ke nan.

Wannan wuri yana yi mana wuya mu Hausawa, na lura. In za mu yabi na ƙasa da mu, halinsa muke yabo: kunya, ladabi, haƙuri, ba ta ɗaga ido ta kalli babba. A gidan aure ko gaban iyaye babu yabon da ya kai wannan. Amma baƙon da zai karanta a wata ƙasa yana iya fahimtar cewa yarinyar ba ta magana, sai abin da aka ce ta yi. Ban jefar da halin nata ba, na dai faɗe shi ta hanyar aiki: cewa tsofaffin mata da suka haife ta sun karɓi gyara daga bakinta ba tare da sun ji an raina su ba, kuma duk wanda ya yi aikin karkara ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Fom ɗin da suka haɗo da wasiƙar yana da tambayar da na tsaya a kanta: a ina za ka sa ta cikin waɗanda ka shugabanta, kashi 5 na sama, kashi 10, ko kashi 25? Hannu yana son zuwa ga na farko. Na ƙirga ma'aikatan fili da suka bi ta hannuna cikin shekara 9, su 11 ne. Mutum ɗaya cikin 11 ma ya fi kashi 5. Na zaɓi kashi 10, a wasiƙar kuma na rubuta a fili cewa cikin 11 ɗin nan, wajen gano musabbabin matsala a fili ban ga wanda ya kai ta ba. Wanda ya karanta ya san da su wa na auna ta, kuma su nawa ne.

Sun kuma tambayi rauninta. Yawancinmu mukan tsallake wannan, ko mu rubuta cewa aiki ya yi mata yawa a rai, abin da kowa ya san yabo ne aka yi wa lulluɓi. Rauninta na gaskiya na sani: ta iya tattara lambobi tsaf, amma in aka ce ta auna ko bambancin da ke tsakanin gwaji biyu na gaske ne ko na sa'a, nan take tsayawa, kuma a buronmu babu mai koya mata. Na kira ta na ce zan rubuta wannan. Fuskarta ta canja. Na buɗe mata tsarin darussan mastar ɗin na nuna mata cewa zangon farko akwai darasin ƙididdiga da tsara gwaji. Na ce, "Ɗiyata, in na ce kin iya komai, me za ki je koyo?" Na rubuta shi jimla biyu, na haɗa da cewa abin da karatun zai cike ke nan. Ita ma ta koma ta gyara tata wasiƙar don maganarmu ta zo ɗaya, ba tare da ta kwafi kalmomina ba.

Akwai abin da ta so in sa na ƙi. Masu ba da irin wannan burs suna son jin cewa mutum zai dawo gida ya yi amfani da karatun, sai ta roƙi in rubuta cewa kujerarta na jiranta. Ba ni ke ɗaukar ma'aikata ba, kuma kuɗin aikin da ake biyanta da shi yana da ranar ƙarewa. Na rubuta iyakar abin da ke hannuna: cewa zan nemi a mayar da ita, kuma aikin ajiyar wake da gero a jihar nan yana buƙatar mai irin wannan ilimi ko a wurinmu ko a wani wuri. Maganar sakinta da riƙe mata gurbi na bar wa takardar darakta.

Wani abu kuma da ban faɗa wa kowa ba a lokacin: ban so ta tafi ba. In ta tafi, kaka biyu zan yi ba ni da wanda zan tura ƙauye in kwanta da hankalina. Shugaba yana iya tauye na ƙasa da shi ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba, ya rubuta wasiƙa mai sanyi, ko ya yi ta cewa gobe har ranar rufewa ta wuce. Na ga an yi wa mutane haka. Dare biyu ina jin wannan abu yana ja na, shi ya sa da na gama na ba dattijon nan ya karanta, na ce ya duba mini ko akwai inda na ja hannu.

Wasiƙar ta tsaya shafi ɗaya da rabi. Sakin layi na farko ya faɗi ko ni wane ne, muƙamina, da tsawon lokacin da take ƙarƙashina kai tsaye. Na biyu labarin mangaza. Na uku matsayinta cikin 11 da rauninta. Na ƙarshe dalilin da wannan mastar ɗin, da sunansa, ya dace da ita. Na buga a takarda mai kan ƙungiya, da kwanan wata, sa hannu, hatimi, lambar waya da adireshin imel na aiki. Mun yi sa'a Faransanci suke karɓa. Masu neman karatu a Zariya ko Kano ko wata ƙasar Ingilishi sukan kawo wa shugaba takarda da harshen da ba ya ji su ce ya sa hannu. Abin da nake yi a nan shi ne in rubuta da Faransanci, a fassara, in sa wani dabam ya karanta mini fassarar ya mayar da ita baki da baki, sannan a aika duka biyun.

Aikawar ma ta so ta ba mu ciwon kai. Ba ita ke ɗora wasiƙar ba, su ke turo wa shugaba mahaɗi ta imel ya ɗora da kansa, don kada mai nema ya taɓa ta. Kwana huɗu ina jira ban ga komai ba, ashe saƙon yana kwance cikin Spam. Hoton farko da muka ɗauka da waya hatimin ya fito baƙi ƙirin ba a karanta shi, sai da na je wurin masu sikana kusa da babbar kasuwa aka mayar da shi PDF mai tsabta. Sannan lokacin rufewa sha biyun dare ne agogonsu. Da hunturu agogon Faris da Burusal ɗaya yake da namu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa guda, wato sha biyunsu ƙarfe 11 ne a Maraɗi. Ga zafi ya fara, kuran na ɗaukewa, rezo na rawa. Na ɗora tawa saura kwana biyar, na ɗauki hoton shafin da ya nuna an karɓa na tura mata.

A satin nan ne wani Alhaji da nake jin nauyinsa ƙwarai ya ji labari ya aiko ɗansa, shi ma a rubuta masa. Yaron bai taɓa kwana ɗaya a buronmu ba. Na je gida na same shi bayan isha'i, na ce, "Alhaji, in suka bugo waya suka tambaye ni aikin da ya yi a gabana, me zan ce? Shi zan kunyata." Na ba shi shawara yaron ya koma wurin malamin da ya duba masa kundin kammala lisans, kuma na ce zan zauna da shi in duba sauran dosiyen. Bai ji daɗi ba a daren, amma yaron ya zo, mun zauna.

Wayar kuwa an bugo. Bayan kamar wata biyu, ina kan moto hanyar Jiratawa, wata lamba ta waje ta shigo. Na tsaya gindin wata bedi. Mace ce, ta ce minti biyar take so. Ba ta tambaye ni halin yarinyar ba. Ta ce in ba ta labarin buhunan nan 9, wa ya fara cewa a juye su, kuma zanen da na ambata har yanzu ana amfani da shi? Na ce akwai kwafi biyu cikin jakata a lokacin da muke magana, don ƙauyen da za ni ma su zan kai.

Yarinyar ta tafi karatun a Satumba. Wanda ya maye gurbinta yaro ne sabon fitowa daga jami'a, na sayi ƙaramin littafi na rubuta sunansa a bango. Shafin farko ya samu layi uku a makon jiya, ranar da ya lura cewa ma'aunin da muke awon wake da shi a wata mangaza yana rage rabin kilo a kowane buhu.